Kafin Ka Sa Hannu: Wasiƙar Neman Lissafin Kuɗin Sallama a Saudiyya

Makon ƙarshe na aiki a ƙasar Saudiyya mako ne na gaggawa. An yanki tikiti, an sanar da mutanen gida ranar sauka a Kano ko Yamai, ana ta zirga-zirgar sayen dabino da turare da jallabiyoyin tsaraba. A cikin wannan hada-hadar ake kiran ma'aikaci ofis, a miƙo masa takarda da Larabci, a nuna masa adadi guda ɗaya a ƙasanta, a ce ga kuɗin sallamarka, sa hannu a nan. Mutum ya dubi adadin, ya juya shi zuwa naira ko sefa a zuciyarsa, ya ga ya yi kauri, sai ya sa hannu ya yi godiya. Ba ya tambayar yadda aka yi aka kai ga wannan adadi, domin hankalinsa ya riga ya tafi gida, kuma yana jin nauyin ja-in-ja da mutanen da ya ci arziki a hannunsu shekara da shekaru.

Abin da ke damuna a nan shi ne, adadi guda ba a iya musunsa. In aka ce maka riyal dubu tara, ta ina za ka kama ka ce da sauran kuɗi? Amma in aka rubuta maka cewa an ɗauki albashi kaza, an ƙirga shekara kaza daga rana kaza zuwa rana kaza, an ɗauki dalilin rabuwa a matsayin kaza, an cire kaza saboda kaza, to kowane layi kana iya riƙe shi ka gwada da takardun da ke hannunka. Wannan shi ne amfanin rubuta wa kamfani wasiƙa tun da sauran lokaci, kana roƙon a ba ka lissafin dalla-dalla a rubuce. Haƙƙin dai doka ce ta ba ka shi tun kafin ka ɗauki alƙalami. Wasiƙar tana fito da lissafin fili ne tun kana da ƙafa a ƙasar, kana da iƙama, kana iya shiga ofis ka fita.

Abin da doka ta ce

A gida mun saba da kalmar giratuti, ko kuɗin sallama. Larabawa suna ce masa mukafa'atu nihayatil khidma, a taƙaice mukafa'a. A Najeriya dokar ƙwadago ba ta ɗora wa kowane kamfani mai zaman kansa biyan giratuti ba, abin ya dogara ne ga kwantiragi ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata. Shi ya sa ɗan Najeriya yakan ɗauki kuɗin a matsayin alherin maigida, wanda ba a ƙirga shi a gaban mai bayarwa. A Saudiyya kuwa wajibi ne. Dokar ƙwadagon ƙasar, wadda aka fitar a shekarar 2005 aka kuma yi ta yi mata gyare-gyare, ta tsara shi a Sashe na 84, kuma ya hau kan ɗan ƙasa da baƙo.

Tsarin ba shi da wuya. Kowace shekara daga cikin biyar na farko, rabin albashin wata. Kowace shekara bayan biyar ɗin, albashin wata guda cikakke. Albashin da ake aiki da shi shi ne na ƙarshe, wato wanda kake karɓa a lokacin rabuwa, ko da ka fara da rabinsa. Watanni da kwanakin da ba su cika shekara ba su ma ana lissafa su gwargwadonsu.

Sai dai a san su waye wannan tsari ya shafa, don kada wata baiwar Allah ta karanta ta sa rai a inda babu. Masu aikin gida, kamar mai aikatau da direban gida da mai dafa wa iyali abinci, ba sa ƙarƙashin wannan doka. Suna da tasu ƙa'idar daban, kwantiraginsu yana bi ta manhajar Musaned, kuma sallamarsu albashin wata guda ce bayan shekara huɗu a jere a gida ɗaya. Maganarmu a nan ta ma'aikatan kamfanoni da shaguna da otal-otal da asibitoci da wuraren gine-gine ce, waɗanda kwantiraginsu ke kan manhajar Qiwa. Haka kuma a yi hattara da shawarar abokin da ya dawo daga Dubai. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kwana 21 ake ƙirgawa a kowace shekara ta biyar na farko, kuma a kan tushen albashi kaɗai, ban da alawus. Wanda ya ɗauko lissafin can ya kawo Jidda zai yi wa kansa asara.

Mutum ɗaya, adadi huɗu

Mu ƙaddara wani mai gyaran lantarki ne a wani kamfanin gine-gine a Jidda. Ya kama aiki ranar 1 ga Yuni 2017, kwantiraginsa na ƙarshe zai ƙare ranar 31 ga Mayu 2025, shekara takwas cif. A takardar albashinsa akwai layi uku: tushen albashi riyal 2,400, kuɗin gida riyal 600, kuɗin mota riyal 300. Abin da ke shiga asusunsa duk wata riyal 3,300 ke nan.

Tambayar farko: da wane albashi za a yi lissafi, 2,400 ko 3,300? Dokar ta bambanta tushen albashi, wato ajrul asasi, da albashi na haƙiƙa, wato ajrul fi'ili, wanda ya haɗa tushen da sauran ƙarin da ma'aikaci ya cancanta saboda aikinsa. Ta kuma ce duk inda aka ambaci albashi kawai, na haƙiƙar ake nufi. Sashe na 84 albashi kawai ya ambata. Saboda haka alawus ɗin da ake biya dindindin kowane wata, irin kuɗin gida da na mota, suna ciki. Abin da doka ta yarda a fitar, in an yi yarjejeniya a kai, shi ne irin kamasho da kason ciniki, waɗanda bisa ɗabi'arsu suke hawa suna sauka. Wannan Sashe na 86 ne.

To a kan 3,300, rabin wata 1,650 ne. Sau biyar, 8,250. Sauran shekara uku kowace 3,300, ya zama 9,900. A haɗa, riyal 18,150. Wannan shi ne cikakken kuɗin sallamarsa.

Yanzu a ce akawun kamfanin ya ɗauki tushen albashi kaɗai. Rabin 2,400 shi ne 1,200, sau biyar 6,000. Shekara uku a kan 2,400 kuma 7,200. Jimla 13,200. Riyal 4,950 sun tafi ba tare da an yi masa ƙarya ko ɗaya a fuska ba, layi biyu kawai aka tsallake a takardar albashi.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko tsada: yaya aka yi aikin ya ƙare? Idan kamfani ne ya sallami mutum ba tare da laifi ba, ko wa'adin kwantiragi ne ya cika, ana biyan kuɗin duka. Idan kuwa ma'aikaci ne ya ajiye aiki da kansa, abin da ake kira istiƙala, Sashe na 85 ya rage masa. Ƙasa da shekara biyu, babu komai. Daga shekara biyu zuwa biyar, sulusi. Sama da biyar amma ba a kai goma ba, sulusi biyu. Sai wanda ya cika goma ne zai karɓa duka ko da shi ya ajiye.

Mutuminmu shekararsa takwas, don haka in aka rubuta shi a matsayin wanda ya yi istiƙala, sulusi biyu na 18,150 zai samu, wato 12,100. In aka haɗa masa biyun, tushen albashi kaɗai da kuma istiƙala, sulusi biyu na 13,200 ne, wato 8,800.

Mutum ɗaya ne, gumin da ya yi ɗaya ne, amma ana iya miƙo masa 18,150 ko 13,200 ko 12,100 ko 8,800, kuma kowanne a cikinsu ya fito daga na'urar lissafi ba tare da kuskuren tarawa ba. Tsakanin na sama da na ƙasa akwai riyal 9,350, fiye da rabin haƙƙinsa. Ba na cewa duk kamfanin da ya kawo ƙaramin adadi da gangan ya yi. Sau da yawa akawu ne ya gaji wani tsari a kwamfuta yana bi, ko ma'aikacin ofis ya zaɓi dalilin rabuwa da ka. Amma ko da gangan ko da kuskure, wanda bai ga layukan ba ba zai gane ba.

Kalmar da ke cin sulusi

Zan ɗan tsaya a kan istiƙala, domin a nan ne na fi jin tausayin mutanenmu. Doka ta ce kwantiragin wanda ba ɗan ƙasa ba dole ya kasance a rubuce kuma mai wa'adi. Ma'ana, kusan duk Bahaushen da ke aiki a kamfani a can yana da ranar da kwantiraginsa zai cika. In ya jira ranar, ya sanar a kan lokaci cewa ba ya son a sabunta, to wa'adi ne ya ƙare, bai ajiye aiki ba, kuma kuɗinsa cikakku ne. In kuwa ya rubuta cewa ya yi istiƙala, ya shigar da kansa ƙarƙashin Sashe na 85.

A Hausa duk abu ɗaya ne: zan bar aiki in koma gida. Mutum ya je wurin wani mai Larabci ya ce rubuta mini cewa zan bar aiki, shi kuma ya rubuta kalmar da ta fara zuwa masa, istiƙala. Ko a ofis a ce masa kawo takardar istiƙala don a fara yi maka shirin fita, shi kuma ya ɗauka sunan takardar ke nan kawai. A misalinmu wannan kalma guda riyal 6,050 ce. Abin da ya kamata ya fito a takardar shi ne rashin son sabunta kwantiragi idan wa'adinsa ya cika, wanda da Larabci ake cewa adamur ragba fi tajdidil aƙdi. Kuma a buɗe kwantiragin a Qiwa a ga kwana nawa ya ce a ba da sanarwa kafin wa'adi, domin da yawa suna ɗauke da sharaɗin sabunta kansu in ba wanda ya yi magana. Wanda ya makara da sanarwa zai tarar an shiga sabuwar shekara, daga nan fitarsa ta koma istiƙala.

Akwai waɗanda doka ta tsare musu cikakken kuɗinsu ko da su suka bar aikin. Macen da ta ajiye aiki cikin wata shida da ɗaura aurenta, ko cikin wata uku da haihuwarta, tana karɓa duka. Haka wanda wani abu da ya fi ƙarfinsa ya tilasta masa bari. Wannan Sashe na 87 ne. Sashe na 81 kuma ya ba ma'aikaci damar tafiya da haƙƙinsa cikakke idan kamfani ya saɓa manyan alkawuran kwantiragi ko aka ci zarafinsa. A ɗaya ɓangaren, Sashe na 80 ya lissafa laifuffukan da ake korar mutum a kansu babu sallama, kamar yin fashin aiki fiye da kwana 15 a jere ba uzuri bayan an yi masa gargaɗi a rubuce. Shi ya sa a wasiƙa ake neman kamfani ya faɗi dalilin rabuwa da lambar sashen da ya dogara da shi. Wanda aka ce ya rubuta lambar sashe da hannunsa yakan sake dubawa kafin ya rubuta.

Ranaku

Ranar farawa da ranar ƙarewa kamar ba abin gardama ba ne, amma sukan zama. Wani ya yi watanni yana aiki kafin a shigar da kwantiraginsa a kwamfuta, sai a ƙirga masa daga ranar shigarwa. Wani kamfanin ya canza suna ko an sayar da shi, sai a fara ƙirga daga sabon suna, alhali Sashe na 18 ya ce in mallakar kamfani ta koma hannun wani, hidimar ma'aikaci tana ci gaba ba yankewa. Wannan ya bambanta da wanda shi ne ya yi canjin kafili ya koma wani kamfani daban. Shi tsohon wurin ne zai biya shi sallamar shekarun da ya yi musu, sabon kuma ya fara ƙirga daga ɗaya. Wanda ya yi canjin kafili bai karɓi tasa a tsohon wuri ba, kada ya sa rai sabon zai ɗauka.

A lura cewa watannin ƙarshe sun fi na farko daraja. Da mutuminmu ya ƙara wata huɗu a kan takwas ɗin, za a ƙara masa sulusin 3,300, wato 1,100. Duk watan da aka yanke masa daga ƙirga, ko daga farkon aikinsa aka yanke, a farashin ƙarshe yake fita, riyal 275.

Sai batun dogon hutu, wanda ya shafe mu ƙwarai, tunda mukan zo gida rasuwa ko aure mu daɗe. Hutun shekara mai albashi yana cikin hidima. Amma hutun da ba albashi, abin da ya haura kwana 20 doka tana ɗaukar kwantiragi a matsayin wanda aka dakatar, sai in an yi yarjejeniya saɓanin haka. Don haka kamfani zai iya cire waɗannan kwanaki, kuma yana da hujja. Abin nema shi ne ya rubuta ranakun da ya cire.

Akwai kuma kalanda. Sashe na 10 ya ce ana lissafin wa'adodi da kalandar Hijira, sai in kwantiragi ko tsarin aikin kamfani ya faɗi wata. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka shekara takwas na Miladiyya sun kai takwas da kusan wata uku na Hijira. Ga mutuminmu wannan kusan riyal 800 ne. Idan kwantiraginsa ya ce Miladiyya, magana ta ƙare. Idan bai ce komai ba, tambayar tana da wurin zama.

Ita kanta wasiƙar

Ana rubuta ta wata ɗaya ko biyu kafin ranar ƙarshe, lokacin da ba wanda ya fusata kuma ba a buga bizar fita ba. Ta zama gajera, shafi ɗaya, da ladabi. Ba wurin ƙorafin zafin rana da wulaƙancin fomen ba ne, kuma ba wurin barazanar kotu ba ne. Ga yadda mutuminmu zai tsara ta:

Zuwa ga Shugaban Sashen Ma'aikata. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne wane, mai lambar aiki kaza da lambar iƙama kaza, mai gyaran lantarki a wannan kamfani. Na kama aiki ranar 1 ga Yuni 2017. Wa'adin kwantiragina zai cika ranar 31 ga Mayu 2025, kuma kamar yadda na sanar a takardata ta rana kaza, ba ni da niyyar sabuntawa. Albashina na ƙarshe riyal 3,300 ne a wata: tushe 2,400, gida 600, mota 300. Ina roƙon a ba ni lissafin kuɗin sallamata a rubuce, wanda zai nuna albashin da aka yi aiki da shi da abin da ya ƙunsa, da ranar farawa da ta ƙarewa da kalandar da aka bi, da duk kwanakin da aka cire da dalilinsu, da dalilin ƙarewar kwantiragi da sashen dokar da aka dogara da shi, da duk abin da za a cire daga kuɗin tare da takardarsa. Ina kuma roƙon a nuna daban sauran kwanakin hutuna da kuɗinsu, da albashin watan ƙarshe, da tikitin komawa gida, a kuma shirya mini takardar shaidar aiki. Zan yi farin ciki in samu amsa cikin kwana goma. Wannan wasiƙa neman bayani ce kawai, ba istiƙala ba ce, kuma ba yafe wani haƙƙi ba ce. Na gode. Sai suna da sa hannu da kwanan wata da lambar waya.

Jimlar nan ta kusa da ƙarshe kada a bar ta. Ita ke hana a ɗauki wasiƙar a sa a fayil a ce ai shi ya nemi tafiya.

Wasu sukan tambaya ko ya dace mutum ya rubuta adadin da yake tsammani. Ni dai ina ganin a wasiƙar farko a bar shi. Ka faɗi abubuwan da ka tabbatar, ranaku da albashi da yadda aikin zai ƙare, ka bar su su fito da nasu lissafin. Naka kuma ka yi shi a gefe ka ajiye. A shafin ma'aikatar kula da ƙwadago ta Saudiyya akwai na'urar lissafin kuɗin sallama kyauta, inda ake shigar da albashi da shekaru da dalilin rabuwa. Sai dai abin da ka ba ta shi take tarawa, in ka sa mata 2,400 za ta ba ka amsar 2,400.

An ware hutu da tikiti daban ne don kada a cuɗe su da sallama a nuna maka jimla mai kauri. Wanda ya haura shekara biyar a jere a wuri ɗaya hutunsa kwana 30 ne a shekara, kafin nan kwana 21, kuma kwanakin da bai ci ba ana biyansa idan zai tafi. In mutuminmu yana da sauran kwana 18, a kan riyal 110 a rana, 1,980 ke nan. Ka ga in aka ɗora wannan da albashin watan ƙarshe a kan 12,100, za a nuna masa 17,380, ya ɗauka an kusa cika masa, alhali abin da ya kamata ya gani 23,430 ne. Takardar shaidar aiki kuwa Sashe na 64 ya wajabta ba da ita kyauta in an nema, ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa da sana'a da albashin ƙarshe. Duba ka gani, uku daga cikin waɗannan su ne ginshiƙan lissafin, ga kuma hatimin kamfani a kai.

A rubuta wasiƙar da Larabci. Doka ta sa Larabci ya zama harshen kwantiragi da takardun aiki, kuma in an haɗa shi da wani harshe, nassin Larabcin ake bi. Wanda ya fassara maka, ka sa ya karanta maka ita layi-layi ya mayar da Hausa, ka kasa kunne ko kalmar istiƙala ta shigo a inda ba ka sa ta ba.

A buga kwafi biyu. A miƙa ɗaya, a roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata da hatimi a kan ɗayan, shi ne naka. In an ƙi sa hannu, a tura ta imel ɗin kamfani daga imel ɗinka na kanka, domin na ofis ana rufe shi ranar da ka tafi. Saƙon murya ga fomen ko wani ɗan'uwa da ke ofis ba ya maye gurbin wannan. Tare da kwafin a adana kwantiragin Qiwa, da takardun albashi, da bayanan asusun banki na aƙalla watannin ƙarshe. Wanda ake ba shi wani ɓangare na albashinsa a hannu, ba ta banki ba, shi ne ya fi kowa buƙatar ganin kamfani ya rubuta cikakken albashinsa, domin ba shi da wata shaidar.

Idan amsa ta zo, da idan ba ta zo ba

Amsa ta zo, sai a zauna da ita a natse, a fara da layin albashi, sannan dalilin rabuwa, sannan ranaku. A ƙarshe a dubi abin da aka cire. Doka ta yarda kamfani ya cire bashin da yake bin ma'aikaci ta dalilin aiki, kamar rancen albashi da bai gama biya ba. Amma kuɗin iƙama da lasisin aiki da sabunta su, da kuɗin ɗauko ma'aikaci daga ƙasarsa, Sashe na 40 a kan kamfani ya ɗora su. In aka gan su a layin cirewa, a tambaya. Inda aka ga saɓani sai a rubuta wasiƙa ta biyu, wannan karon da adadi: kun yi aiki da 2,400, ga takardar albashina tana nuna 3,300, bambancin riyal 4,950 ne, ina roƙon a gyara.

Lokacin biya ma doka ta yanke shi a Sashe na 88. Mako guda daga ƙarewar aiki, in kuma ma'aikaci ne ya kawo ƙarshen kwantiragin, mako biyu.

Takardar nan da muka fara da ita, wadda ake miƙowa a makon ƙarshe, sunanta mukhalasa. Abin da take cewa shi ne ka karɓi duk haƙƙoƙinka, ba ka bin kamfani komai. Yafe haƙƙi da aka sa mutum ya yi yana tsakiyar kwantiragi doka ba ta ɗaukarsa, sai in ya fi amfanar ma'aikacin. Amma mukhalasa da aka sa wa hannu bayan aiki ya ƙare hujja ce mai nauyi a hannun kamfani. Don haka ba a sa mata hannu sai adadin cikinta ya yi daidai da lissafin da aka amince da shi, kuma kuɗin sun shiga asusu ka gani da idonka. Sa hannu yau a biya ka gobe, a nan ake yin kuka. In an matsa kuma wani ɓangare kawai aka biya, a rubuta da hannu kusa da sa hannun cewa an karɓi riyal kaza, sauran ana jira, a ɗauki hoton takardar.

In kwana goma suka wuce shiru, a tura tunatarwa guda, a haɗa da kwafin ta farko. In ranar biya ta wuce ba kuɗi, ƙofa ta gaba ita ce sulhu a ma'aikatar ƙwadago, wanda ake kira taswiya wuddiyya. Ana shigar da ƙorafi ta shafin ma'aikatar, a kira ɓangarorin biyu, a yi ƙoƙarin daidaita su cikin kwanakin aiki 21. In ba a daidaita ba sai a tura kotun ƙwadago, waɗanda suka fara aiki ƙarƙashin ma'aikatar shari'a a 2018. A gaban mai sulhu, wanda ya zo da wasiƙa mai hatimi da kwanan wata da lissafinsa a shafi guda ya riga ya gama rabin bayani.

Kotun ba ta karɓar ƙara bayan wata 12 da ƙarewar aiki, sai in mai ƙara ya kawo uzurin da ta gamsu da shi, ko wanda ake ƙara ya amsa cewa haƙƙin yana kansa. Wata 12 kamar da yawa ne ga wanda ke Jidda. Ga wanda ya sauka Kano, iƙamarsa ta mutu, layin wayarsa na Saudiyya ya rufe, sai ya nemi wakili ya yi masa takardar wakilci daga nesa, da sauri suke ƙarewa. Shi ya sa mai gyaran lantarkin nan, wanda zai gama ranar 31 ga Mayu, ya kamata wasiƙarsa ta kasance a kan teburin sashen ma'aikata tun farkon Afrilu, kafin ya je wurin mai tikiti.